Ragowar Ranar Talata

Wayar Baba ta yi ƙara a cikin aljihun tebur kwana ashirin da uku bayan rasuwarsa. Ƙarar shigowar saƙo ce, 'yar gajeriyar nan mai kama da ɗigon ruwa a bokiti, wadda idan ya ji ta yakan ce wani ya tuna da talaka. Mama ce take yi wa wayar caji kullum da safe, ta goge ta da bakin zanenta ta mayar, kuma babu wanda ya isa ya tambaye ta dalili. Ina tsaye a bakin ƙofa da jakata zan koma aiki bayan cin abincin rana, sai na juyo a firgice.

Baffa, ƙanen Baba, yana zaune a kujerar da Baba ke zama, da kofin shayi a hannunsa. Shi kaɗai ne bai firgita ba. Ya ce ai kuɗin injin ne suka shigo, a duba a gani.

Injin da yake magana shi ne na buga takardu da ke shagon Baba a ƙasan benenmu. Baba yana kiransa Tsohuwa, wai ta girme ni kuma ta fi ni jin magana. Da ita aka ciyar da mu, da ita aka biya mini makaranta. Mama ta riga ta yanke shawarar ba da ita haya ga wani mai buga katuna, ta riƙa samun na cefane duk wata, don ban da Tsohuwa babu wani abin kirki da Baba ya bari. Sai ga Baffa a makon da ya wuce da labarin da ba mu taɓa ji ba: wai kafin Baba ya kwanta ciwo ya yi ciniki da wani mutum a kan dubu ɗari tara, a gabansa aka yi, har sun sha hannu. Mama ta yi kuka, sannan ta ce idan maganar mai gidanta ce ba za ta tashe ta ba. Abu ɗaya ta nema, a biya cikin asusun marigayi, ta gani da idonta kafin a taɓa ko kusa ɗaya.

Ba ta yi wa Baffa musu, kuma na san dalili. Ranar Talatar da Baba ya cika a asibiti, Mama ta dawo gida yin wanka, ni kuma ina layin sayen magani. Baffa kaɗai ne a ɗakin. Shi ya gaya mana cewa yana riƙe da hannun ɗan'uwansa har numfashi ya tsaya. Mama ta riƙe wannan magana gam, duk wanda ya zo gaisuwa sai ta maimaita masa cewa ba shi kaɗai ya tafi ba.

Na leƙa ta taga. Wata farar motar ɗaukar kaya tana tsaye a ƙofar shagon, ba a kashe ta ba. Mai sayen yana jingine da ita, ya ɗaga kai yana kallon tagarmu kai tsaye, kamar tun ɗazu ya san ta inda zan leƙo. Bai ɗaga hannu ba, bai kuma kawar da ido ba. Wasu ƙarti biyu na zaune a bayan motar da igiyoyi a cinya.

Mama ta miƙo mini wayar, ta ce in karanta mata. A ɗaya hannun tana riƙe da makullin shago.

Ni mai karɓar kuɗi ce a wani kantin kayan gini, shekara shida ke nan. Alat, wato saƙon da banki ke turowa idan kuɗi sun shiga ko sun fita, nake gani daga safe har yamma, kuma an taɓa cin mu sau ɗaya da na bogi, buhun siminti arba'in, har yau mai kantin idan ya tuna sai ya yi tsaki. Tun daga ranar na daina karanta alat da farin ciki. Na san abin da na gaskiya yake ɗauke da shi: sunan banki a matsayin mai aikowa, lambar asusu da aka rufe tsakiyarta, ko shiga ne ko fita, adadin kuɗi, rana da lokaci, bayanin cinikin, sannan ragowar da ke cikin asusun. Ba ya zuwa daga lambar wayar mutum, ba ya cewa ka latsa wani wuri, ba ya tambayar lambar sirri.

Na buɗe wayar da lambobin da ni na sa mata. Baba bai taɓa iya riƙe su a ka ba, shi ya sa na haɗa masa ta da babban yatsansa, na kuma gyara ta yadda saƙo ba ya nuna abin da ke cikinsa sai an buɗe.

Saƙon yana nan, da sunan bankin, har ma ya sauka a ƙarƙashin tsofaffin saƙonnin, a layi ɗaya da su. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, don na san akwai masu iya ɗora sunan banki a kan saƙonsu ya shige cikin na gaskiya ya zauna. Lambobin ƙarshe na asusun daidai ne. Dubu ɗari tara, shiga. Ranar yau, ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu. Bayani: kuɗin inji. Komai tsaf, har na ji kunya ta fara kama ni, na ce ko dai mugun zato ne ya yi mini yawa.

Baffa ya ajiye kofi ya ce 'yar boko, ko sai an kawo miki tabarau ne, mutane na jira a rana. Ya nuna mini hoton rasit da mai sayen ya turo masa, na ce hoto ai ko ni zan iya zana shi. Ya yi dariya ya ce wa Mama wannan taurin kan na ubanta ne, ba a banza ta ɗauko ba. Mama ta yi ɗan murmushi, karo na farko a ranar.

Sai na zo kan layin ƙarshe. Ragowa: miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da sha biyu da ɗari shida da hamsin.

Lissafi ne abincina, kafin in ankara kaina ya cire dubu ɗari tara. Saura dubu ɗari huɗu da sha biyu da ɗari shida da hamsin. Na ja saƙonnin sama. Na ƙarshe kafin wannan ya nuna dubu ɗari uku da saba'in da huɗu da 'yan kai, bayan ɗan abin da banki ya yanke na wata. Banki ba ya mance dubu talatin da takwas, kuma babu wani saƙon shiga a tsakani. Amma lambar ba baƙuwa ba ce a idona, na taɓa ganinta. Na ƙara ja sama har na same ta.

Ranar Talata ce, ƙarfe biyu saura minti ashirin, lokacin da na biya kuɗin gwajin jini da katin Baba. Wannan ce ragowar da aka turo. Saƙon da ke biye da shi na ƙarfe huɗu saura minti goma ne, dubu talatin da takwas sun fita, kuɗin maganin da na sha layi na saya na hau benen asibitin da gudu, na tarar an riga an ja masa mayafi. Maganin yana nan a ledarsa a kan kabad ɗin Mama, ba a ɓare ko ƙwaya ɗaya ba.

Wato awa biyu da minti goma kacal wannan lambar ta yi a duniya. Kuma duk tsawon lokacin wayar tana ƙarƙashin matashin Baba.

Ana jin ƙugin motar da ke ƙasa. Don kada in zalunci kowa, na shiga manhajar bankin, wadda dama ni nake duba masa tun da idonsa ya raunana. Babu abin da ya shigo yau, babu jiya. Dubu ɗari uku da saba'in da huɗu suna zaune inda suke.

Na ce wa Mama kuɗi ba su shigo ba. Baffa ya ce matsalar sabis ce, wani lokaci alat kan riga kuɗi isowa, a bari a fara kwance injin, kafin a gama lodi sun faɗo. Na ce to a jira su faɗo ɗin, Tsohuwa ba gudu za ta yi ba. Ya ce ni yarinya ce, ban san darajar maganar mamaci ba. A nan raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa, don ban taɓa jin tsoron wani a cikin falonmu ba sai ranar.

Na durƙusa kusa da Mama na nuna mata saƙonnin uku, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta iya karatu sosai ba, amma ta yi shekara talatin tana ƙirga takardu a shago, lamba ba ta ɓace mata.

"Wanda ya rubuta saƙon yau ya san ragowar Baba," na ce. "Amma ta ranar Talata ya sani, tsakanin ƙarfe biyu da huɗu. Bai san na sake sayen magani ba."

Ta karɓi wayar daga hannuna. Sannan ta tambaye ni, da murya ƙasa ƙasa, ko ana iya ganin saƙo ba tare da an buɗe ba. Na ce a'a. Ta ce wa ya san lambobin buɗewar. Na ce ni kaɗai.

"To da me aka buɗe ta?"

Na ga idonta ya sauka a kan ɗan da'irar da ke bayan wayar, inda yatsan Baba ya goge fentin har ya yi haske.

Baffa ya fara magana da sauri, wai ma'aikatan asibiti ma suna shiga suna fita, wai zamanin nan babu abin da ba a iya yi da waya, wai shi ma ƙila yaudararsa aka yi. Ya tashi ya je taga, ban ga alamar da ya yi ba, amma na ji an rufe ƙofar mota, ƙugin ya yi nisa har ya ɓace a kwanar titi. Ƙartin ba su ko sauko da igiyoyinsu ba.

Mama ta ɗaure makullin shagon a bakin zanenta, ƙulli biyu, ta ja da haƙori. Ta ɗago ta dubi mutumin da take dafa wa abinci tun yana ɗan makaranta.

"Ka ce kana riƙe da hannunsa."

"Wallahi ina riƙe da shi," in ji Baffa.

"Na yarda," ta ce. "Yana da rai lokacin, ko ya riga ya cika?"

Baffa ya baro taga. Ya nemi takalmansa a bakin ƙofa, ya sa ɗaya, ya ɗauki ɗayan a hannu. Muna jin saukarsa a matakala, ƙafa ɗaya da ƙara, ɗaya babu.

Ban koma aiki ba ranar. Mama ta ɗauki kofin da ya sha shayi ta fita da shi, ban sake ganinsa a gidan ba. Da ta dawo ta zauna ta ɗora wayar a cinyarta, ta daɗe tana goge ɗan da'irar nan da bakin zanenta. Da la'asar wata maƙwabciya ta shigo gaisuwa, ta tambaya ko akwai wani a wurin Baba lokacin da ya cika. Mama ta ce a'a, shi kaɗai ya tafi.