Layi na Tara a Ruta

Mako guda ke nan Hajiya Lauratu tana amsa gaisuwar Maman Barakat a ciki, kuma abin yana cin ta. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninsu a Malumfashi. Folasade sunan matar, Bayarabiya mai shagon waya a bakin kasuwa, ita ta ɗaura musu ruta, akwatin da ke raba intanet, a falo, ita ta saka lambar sirrinta. Sai ga data tana ƙarewa tun wata bai raba ba. Ban da 'yan gida, wa ya san lambar in ba ita ba? Lauratu ba ta faɗa wa kowa ba, amma zuciya ba ta da ƙashi.

Ran Asabar bayan la'asar 'yarta Sadiya, malamar firamare, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida don a gano mai shanye datar.

"Kowa ya kawo wayarsa. Yau za mu yi musu suna."

Ta shiga shafin rutar a wayarta, ta nuna wa uwar jerin na'urorin da ke haɗe. Layi tara ne, wasu da sunan kamfanin waya iri ɗaya, wasu tarin haruffa da lambobi.

"To ya za a yi a gane na wa da na wa?"

"Mutum ya kashe Wi-Fi ɗinsa, Umma. Layin da ya sauka nasa ne. In ya kunna ya dawo, na rubuta sunansa. A cikin ruta sunan zai zauna, ba a wayarsa ba."

Nan fa gida ya kaure da dariya. Nana Khadija, matar babban wan Sadiya, ta ce a rubuta mata Uwargida, tunda babu mai ja da ita. Ɗan'uwansu Kabiru da ya dawo daga gonar masara da ƙura har gira ya nemi Sarkin Noma, aka rubuta masa Ci Ka Kwanta. Da aka zo kan wayar Abubakar, ɗan fari, Sadiya ta dubi uwar da gangan.

"Umma, wannan ta wa ce?"

"Ke, ban son iya shege! Rubuta Yayanku."

Ko a gaban alƙali Lauratu ba za ta kama sunan ɗan farinta ba, balle a gaban akwati mai ƙyaftawa.

Takwas suka samu suna. Na tara ya tsaya tsirara, yana haɗe, babu mai shi a kan tabarma. Maigida Alhaji Mudi yana ɗakinsa, ba a ma kira shi ba. Shi da ƙaramar wayarsa mai tocila mutu ka raba, kullum wa'azinsa manyan wayoyi sun lalata zamani.

Lauratu ta ƙura wa layin ido. Ta so ƙwarai a ce duka na gida ne.

"In toshe shi?" in ji Sadiya.

Lauratu ta kalli katangar nan, ta ce, "Toshe."

Ba a yi minti biyu ba aka ji murya daga ɗakin maigida.

"Kai! Wa ya taɓa abin nan? Ana tsaka da turmi na uku!"

Sai ga Alhaji Mudi a bakin ƙofa babu hula, riƙe da waya faffaɗa, ɗan dambe ya daskare a fuskarta da hannu a sama. Ya ga idanu, ya so ya tura ta aljihu, aljihun ya ƙi. Kabiru ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki.

"Farashin masara nake dubawa," in ji Alhaji.

Hayaniyar ce ta shigo da Maman Barakat. Tana ganin wayar ta tafa hannu.

"Alhaji, an kama ka? Ni na sayar masa, Hajiya, ni na saka masa lambar. Ya ce in rufa masa asiri."

Lauratu ta yi dariya har da hawaye, amma rabin hawayen na kunya ne. Ta kamo hannun maƙwabciyarta.

"Maman Barakat, ki yafe ni. Ke na zarga."

"Ai na lura. Da na faɗa na tona shi, da na yi shiru na rasa ki. Kwana bakwai ban ji daɗin tuwo ba."

Sadiya ta buɗe wa uban layinsa, ta rubuta Sarkin Dambe duk da hararar da yake mata. Lauratu ta karɓi wayar Maman Barakat ta miƙa wa 'yarta.

"Haɗa wannan ma."

Layi na goma ya bayyana.

"Me zan rubuta, Umma?"

"Rubuta 'Yar Gida."