Hannun Sambo a Cikin Hoto

A shekarar sanƙarau ina aikin allura a Kalgo. Da hantsi saƙo ya zo cewa Zulai, 'yar Sambo makiyayi, wuyanta ya sandare tun jiya. Rugarsu tana can bayan Dangoma, ni ban san hanya ba, Atiku direba ma haka. Abin da muke da shi hoto ne guda: bara Sambo ya zo ya zana mana hanyar a ƙasa da tsinke, mai hoto ya ɗauka, muka adana.

Muna wuce Dangoma na fara karanta wa Atiku. Ga rijiya, 'yar da'ira ke nan. Gaba da ita kuka mai rassa biyu, a nan layin ya karya dama. Sai a haye busasshen rafi, a yi hagu wajen suri, sannan bukkoki uku.

Rijiya ta zo, kuka ta zo, muka yi dama. Muka yi ta tafiya, babu rafi babu alamarsa, sai gonakin gero da aka girbe. Na san abin da ciwon nan yake yi wa yaro cikin sa'a guda, mu kuwa mun kusa cinye ta.

"Malama, duba dai da kyau," in ji Atiku. "Ko ke taɓa karatun taswira?"

Da wata rana ce da ya ji bakina. Na ƙura wa hoton ido. A gefe ga hannun Sambo riƙe da tsinke, kuma na hagu ne. Dattijon da ko butarsa ba ya miƙa wa mutum da hagu, shi zai zana wa baƙi hanya da shi? A gabana ya yi zanen, da dama. Ashe mai hoton ne ya kifa fim wajen wanke hoton, komai ya juye, babu kuma rubutu a zanen balle a gane.

"Tsaya." Na kara hoton a madubin mota, na sake karantawa daga ciki. "Mu koma kuka mu yi hauni. Rahi, sannan dama wurin suri."

Atiku ya juya mota, a kuka muka yi hagu. Ni kuwa salati nake, tsoro kamar zai kashe ni.

Rafi ya zo, suri ya zo. A bakin bukka muka tarar da Inno, uwar yarinyar, zaune, ba ta ko ɗago ba. A ciki ga Zulai kwance an rufe ta da zane har ka, ba motsi. Na durƙusa, na zura hannu na kama ƙafarta.

Zafi rau, kamar garwashi. Da sauran rai.

"Inno, zo ki riƙe min ita," na ce, ina lalubar sirinji.