Bakunan Injin Sussuka

Tun ana saura kwana biyu taro labari ya gama Furfuri: miliyan ɗaya ta shigo wa ƙungiyar manoma. Mu'azu ma'aji ne ya faɗa wa ƙanensa adadin, shi kuwa ƙanen ya kai shi teburin mai shayi. Mambobi arba'in suka raba a zuci, kowa ya ga dubu ashirin da biyar a aljihunsa. Har wani ya taya tunkiya.

Ranar Asabar bayan la'asar ajin firamare ya cika maƙil, har da waɗanda rabon su da taro tun bara. Ana ta shewa da tafawa. Mu'azu ya san dubu ɗari kaɗai ta rage a asusu, ya kuma san yau za a sake zaɓe. Idan bayaninsa bai shiga ba, da sunan ɓarawo zai fita ajin nan.

Ya shimfiɗa buhu a kan tebur, ya zuba dawa tsibi goma.

"Kowane tsibi dubu ɗari ne," in ji shi. "Biyun ga kuɗin da kunka biya na shekara, dubu biyar-biyar. Shidan ga hayar injin sussukarmu, daga nan har Rawayya. Biyun ga kuwa, waɗanda sunka biya haya da hatsi, buhu biyar, munka sayar a Tsafe. Abin da ya shigo ke nan."

Aka ɗauki tafi. Inna Dije, wadda ke noma gonar marigayin mijinta, ta rangaɗa guɗa daga bencin baya.

"To, a cikin goman ga, an ci tara."

Guɗar ta tsaya a tsakiya. Mu'azu ya ji abin da ya fito daga bakinsa bayan ya riga ya fito. A garin nan, idan aka ce an ci kuɗin ƙungiya, ba wanda ke tunanin ƙarfe.

Adamu mai shanu, wanda tun bara yake hangen kujerar ma'aji, ya miƙe a hankali yana gyara hula. "Malam Mu'azu, mun gode da gaskiya. Wa ya ci?"

"Inji."

"Allah sarki. Da miya ko gaya?"

Aji ya kece da dariya, irin wadda ba ta da nisa da duka.

"Da man gas, Malam Adamu. Baki huɗu gare shi, ku ƙirga tare da ni." Ya share tsibi uku cikin kwano. "Mai, dubu ɗari uku. Ranar da anka yi sussukar gonarka, jarka nawa ka ga an ɗura?"

Adamu ya ce bai ƙirga ba. Wani ya ce biyu ne, shi ya ɗauko su a babur.

Tsibi biyu suka tafi ga mai tuƙa injin da masu ɗura masa dawa. Ɗaya ya tafi gyara a Gusau, lokacin da bel ya tsinke ya ja wani ƙarfe. Kowane baki da rasit ɗinsa, sakatare na miƙawa ana zagayawa da shi, masu karatu na karanta wa maƙwabtansu.

"Saura huɗu," in ji Inna Dije. "Ɗana, tsaya haka nan, kada ka ƙara taɓawa."

"Inna, baki ɗaya ya rage." Ya share uku. "Alhajin da ya ba mu injin bashi."

"Dubu ɗari da hamsin muke ba shi duk shekara," in ji Adamu da sauri. "Yaushe ta haihu ta zama ɗari uku?"

"Biya biyu ya rage mana, na bana da na baɗi. A taron bara kun ce in an samu hali a biya duka a huta. Sakatare, haka ne?"

Sakatare ya duba ya ce haka ne, kuma Malam Adamu ne ya kawo shawarar. Shugaba ya ce shi ya sa hannu aka fitar da kuɗin.

Mu'azu ya nuna tsibin ƙarshe. "Wanga shi ne namu. In kun raba, dubu biyu da ɗari biyar kowa. In kun bari, man fara aikin baɗi ne."

Inna Dije ce ta fara gane inda maganar ta nufa. Ta taso har gaban tebur, ta leƙa kwanon.

"Kana nufin Alhaji ba ya bin mu ko sisi?"

"Ko sisi, Inna."

"Baɗi ukun nan ba su fita?"

"Wanga baki ya rufe. Injin naku ne, har tayoyinsa."

Guɗar da ta yi wannan karon sai da ta tayar da awaki a bayan aji. Maza suka hau benci, wasu na lissafin baɗi da yatsu, suna maimaita kuskuren shekaranjiya da sabon adadi. Shugaba ya yi ta bugun tebur kafin a ji shi. Aka amince a bar dubu ɗarin a asusu. Da ya tambayi masu son Mu'azu ya ci gaba da riƙon kuɗi, hannuwa suka tashi kafin ya rufe baki, ya ƙirga talatin da bakwai ya daina.

Mu'azu ya zauna, sai lokacin ya ji rigarsa ta manne masa a baya. Inna Dije ta ja hannunsa.

"Tashi ka buɗe mana shagon da injin yake," in ji ta. "Shekara uku ina wuce shi kamar na mutane. Yau sai na taɓa shi."