Takardar Gargaɗin Dogo

Shugaban sashen ɗab'i yana da ɗan aibi guda, shi ma ba ya musu: ba ya duba agogo sai in wani ne ya makara. Shi kam a ganinsa ba ya makara, hanya ce ke riƙe shi.

Manaja ya ce ya rubuta wa Dogo, mai yankan takarda, gargaɗi kan makara. Ya kuma tuna masa cewa takardar da ya rubuta bara kwamitin ladabtarwa ya yi watsi da ita. In aka sake, to kujerarsa za a duba.

Shugaban ya zauna ya zuba zance shafi guda, ya miƙa wa sakatariya, wadda kowa ke kira Inna. Ta gyara tabarau.

"Yallaɓai, 'kullum kana makara'. Kullum har ranar hutu?"

"Kin gane nufina ai."

"Kwamiti ba ya gane nufi. Sa rana, sa lokaci. 'Malalaci' kuma cire shi. Abin da ya yi za ka rubuta, halinsa ka bar wa matarsa."

Ya soke, ransa na sosuwa, don kalmar da ya fi so ke nan.

Inna ta ce, "Wace doka ya karya?"

"Ta zuwa ƙarfe takwas."

"To rubuta lambarta. Da ranar da ka ja masa kunne da baki. Ka faɗi abin da ake so ya gyara, cikin wata nawa, da abin da zai biyo baya in bai gyara ba. Ka ce yana iya ɗaukaka ƙara. Sa hannunsa shaidar ya karɓa ce kawai. Sannan ka bar masa fili ya faɗi nasa."

"Inna, gargaɗi nake rubutawa ko wasiƙar neman aure?"

"Wanda ka yi bara ai saki ne, shi ya sa aka dawo maka da shi."

Ita ta kwaso ranakun daga littafin maigadi: bakwai cikin wata guda. Bai ko duba su ba. Takarda ta fito tsaf, babu zagi, babu ƙari. Ya karanta sau uku, har ya fara jin dama can haka yake rubutu.

Dogo ya shigo yana goge hannu a riga, ya karanta, ya sa hannu, ya yi layi biyu a filin nan. Shugaban bai karanta ba. Ya sa a fayil ya kai wa manaja da kansa, yana takun wanda ya ci jarrabawa.

Manaja ya yaba tsarin. Sai ya kai ƙasan shafin, ya karanta da ƙarfi:

"Na amince da ranakun. Biyu laifina ne. Sauran biyar ɗin Yallaɓai shugaban sashe ne ya ce in jira shi a bakin titi, a motarsa muka shigo."