Cittar da ke Ƙarƙashin Kujera

Keziya ba ta san komai a kan mota ba, amma ta san ƙaninta Yafet, kuma abin da ya hana ta sakin jiki ke nan. Ita ta goye shi, ita ta kai shi makarantar mishan a Kagoro. Tun yana yaro, in ya cika fara'a to akwai abin da ya fasa.

Yau kuwa bakinsa har kunne. Ya kawo mata Fijo wagon daga Legas, wadda za ta riƙa ɗauko busasshiyar citta daga ƙauyuka zuwa kasuwar Kafanchan, ta huta da wulaƙancin direbobi.

"Yaya, motan nan Beljiyam ne, wani tsohon Bature ya yi amfani da shi," in ji Yafet. "Dubi kafet, sabo fil."

Kafet ɗin ne ma ya fara damun ta. Sitiyari ya sha hannu har ya yi santsi, kujeru sun koɗe, to me ya kawo sabon kafet? Ta ce sai Malam Badruddeen ya gani, mai gyaran wayarin mota da ke bayan tashar jirgi. Yafet ya ɓata rai, ya ce an mai da shi baƙo a gidansu. Wannan magana ta sosa mata zuciya, amma ba ta janye ba.

Badruddeen mutum ne mai sanyin jiki, kamar ba zai yi aikin ba. Bai ko buɗe gaban motar ba. Ya ɗaga gilasai duka, ya rufe ƙofofi, ya bar motar a rana, ya koma cin gyaɗarsa. Da ta gasu ya buɗe, ya ce, "Madam, sa hancinki."

Ƙamshin citta ta fara ji, ita da citta kuwa ba a yi musu gabatarwa. Amma a bayansa akwai wani wari mai nauyi, irin na tabarmar da aka naɗe da danshi.

"Jirgin ruwa ne, Yaya. Duk Beljiyam haka yake wari," in ji Yafet.

Badruddeen ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari da tocila, ya nuna mata kawunan kusoshi sun yi ja da tsatsa.

"Tsatsa a ƙarfen da kujera ke gudu a kai, sai mu ce jiƙaƙƙen takalmi," ya ce. "Amma takalmi ba ya hawa nan."

Ya buɗe akwatin fis, bakin kowanne ya yi kore. Ya ɓalle marfin ƙofa daga ciki, ya dangwalo busasshen taɓo mai laushi kamar garin tuwo. Sannan ya kunna mota, ya sa sigina, ya taka birki: siginar ta tsaya cak, fitilar ja ta baya ta kama ƙyaftawa.

"Motar nan ta kwanta a ruwa, har kusan sitiyari. Yau za ta tashi. Wata rana kina gangara da kaya sai waya ta ƙone, ko ta mutu miki a daji." Ya share hannu, ya dubi Yafet da tausayi. "Ba mamaki shi ma cutarsa aka yi. 'Yan Legas sun iya wanki."

Keziya ta ji sanyi a ranta. Gara a ce ƙaninta wawa ne, wauta tana da magani. Har ta fara shirya faɗan da za ta yi masa, irin na uwa, wanda ake ƙarewa da tuwo.

Sai Badruddeen ya ɗaga kujerar baya don ya duba soso. A ƙarƙashi an shimfiɗa gawayi, an barbaɗa busasshiyar citta a kai, wajen mudu guda. Gawayi ya tsotse danshi, citta ta rufe wari. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake ɓoyewa.

Ta ɗauki ɗaya ta lanƙwasa. Maimakon ta karye ƙas, sai ta tanƙwaru kamar fata, ta sha danshi. Ta juya ta. Keziya bahaguwa ce, wuƙarta a karkace take tsaga citta, duk layin 'yan citta an san tsagarta, har tsokanarta ake yi da ita. Ta ɗauki ta biyu, ta uku. Duk a karkace.

Makon jiya, washegarin dawowarsa daga Legas, kafin ya nuna wa kowa motar, Yafet ya zo rumfarta yana tari, ya ce mura ta kama shi a hanya. Ita da kanta ta cika masa mudu har ya yi tozo, ta ƙara masa da kanumfari, ta ce ya riƙa rufe ƙirjinsa.

Baƙin ciki ya kama ta. Duk da haka ta ba shi dama guda, domin ɗan uwa ne. Ta dunƙule cittar a hannu, ta juyo a hankali.

"Yafet, yaya murar?"

Ya ɗago kai daga kallon taya, hankalinsa na can wajen ƙirƙiro wata amsar.

"Wane mura, Yaya?"