Kitse ko Mai?

Tun kafin a haife ni iyayena suke soya dankali a shagonsu da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Leuven, kuma da kitsen saniya suke suya, kamar yadda kakana ya yi. Bana Baba ya koma man gyaɗa. Bai faɗi dalili ba, Mama kuwa ta ɗanɗana ta ce, "Madalla, Staf, ya yi daɗi."

Ni ce mai kula da shafin shagon a Instagram. Aikin ya dace da ni, don ba na iya haɗa ido da masu saye. Da tsofaffin kwastomomi suka fara gunaguni, sai Baba ya ce, "Fien, tambayi mutanen wayarki. Abin da suka zaɓa, a kansa za mu zauna, kada a sake tayar mini da maganar."

Na ɗora ƙuri'a a sitori, irin hoton nan da ke ɓacewa bayan kwana guda: kitse ko mai? A hoto na biyu na sa akwatin tambaya, don mai son ya faɗi dalilinsa.

Wanda ya taɓa zaɓinsa, kaso kawai yake gani, kuma ba ya iya canjawa. Ni kuwa mai shafi, da na ja hoton sama, sai sunaye su jeru, kowa a ƙarƙashin abin da ya zaɓa. Ɗalibai marasa cin nama suka yi wa man gyaɗa ruwan ƙuri'u. Ina bin ɓangaren kitse a hankali, sai ga wani suna da hoton kyanwarmu a gefensa. Lieve Claes. Mamata ke nan.

Na ɗaga kai. Tana can tana zuba mayonis, tana gaya wa wani direban bas cewa man nan ya fi lafiya.

Na ci gaba da ja. Layi kaɗan a ƙasa, sai ga Staf Claes, Baba da kansa.

Abin ya ɗaure mini kai. Mutum ya canja abu da hannunsa, ya koma ya jefa wa kansa ƙuri'ar adawa? Na buɗe amsoshin akwatin, su ma kowace da sunan mai ita. Mama ta rubuta: "Dankalin yanzu ba ya ƙaras-ƙaras in an ciza, amma mai shagon yana alfahari da shi, kada a gaya masa." Baba kuwa: "Kitse ya fi. Sai dai warinsa yana kama gashin mace, wata ta gaji."

In na yi shiru, man gyaɗa zai ci ƙuri'ar, su ƙare rayuwarsu suna soya abin da ba wanda ke so. In na tona, na ci amanar mutum biyu da suka ɗauka ba mai ganinsu.

Sai na ɗora amsar Mama a sitori. In aka yaɗa amsa haka, rubutun kawai ke fita, sunan ba ya bi.

Da rana, bayan cinkoso ya lafa, muka zauna cin abinci a bayan kanta. Baba ya miƙa wa Mama wayarsa.

"Lieve, karanta. Wannan ya san dankali. Amma wai ni ke alfahari? Ko waye wannan sarkin shisshigi?"

"Oho," in ji Mama, tana goge teburin da ba shi da datti. "Ai ba a sanin mai rubutu."

Na ce, "Baba, ka tuna kacici-kacicin da na sa a sitori makon jiya, na shekarar da aka buɗe shago? Ba ka ci ba."

"Yatsana ne ya zame!" Sai ya tsaya. "Ke, wa ya gaya miki?"

"Ina gani. Mai shafi yana ganin zaɓin kowa, da sunansa."

"Har ƙuri'a?" Mama ta tambaya da ƙaramar murya.

"Har ita. Har akwatin."

Baba ya dubi Mama, ya ga kunnuwanta sun yi ja. Ya sake duba wayar.

"Ke ce sarkin shisshigin!"

"To, ni ce, sai me? Kai fa, tsoho, me ya sa goshinka ke gumi?"

"Ke kika ce gashinki na warin kitse."

"Sau ɗaya! Ranar bikin ƙanwarka! Shi ne ka lalata mana dankali?"

Baba ya juyo gare ni. "Fien, wa ke kan gaba?"

"Mai, da nisa."

Ya sosa ƙeya. Alkawari ya riga ya yi. Mama ta nuna tukwanen suyarmu biyu da cokali.

"Ɗaya ta ɗalibai, ɗaya tamu. Kira mahauci ya kawo kitse."

Yana neman lambar yana gunaguni. "Shekarar buɗe shagon nan kuwa, Fien, na san ta. Yatsa ne."

"Ni dai na ci kacici-kacicin," in ji Mama. "Tambaye ta."