Saƙon Maraba Ya Riga Ta

Awon ɗinkin da Yaya ke ratayewa a hannun ƙofa ya goge daga farkonsa, lambobin sun ɓace. Auta ta lura da shi ne tana zaune a kan buhun soso, wayar shago a hannunta, Yaya kuma na auna wa wata tela leshi.

Ita ta haɗa wa Yaya manhajar saƙonnin kasuwanci a wayar shekaranjiya, don masu tambayar zare da zif da maɓalli sun yi yawa, hannu kuma ɗaya ne. Ta kunna saƙon maraba, wanda ke tafiya da kansa ga duk wanda ya rubuto karon farko ko bayan ya daɗe shiru. Ta rubuta: "Sannu da zuwa. Muna layin bayan asibiti, shago mai shuɗiyar ƙofa kusa da mai walda." Sannan ta saka lokutan buɗewa, ta bar giɓi da rana, ta saita saƙon ba na nan ya riƙa fita a wajen lokutan aiki. Yaya ce ta ce a sa masa fara'a, kada ya yi kamar sanarwar banki. Suka rubuta suna dariya: "Na je ɗauko Gimbiya daga makaranta, yanzu zan dawo." Wurin da aka tambayi su wa za a aika wa, Auta ta bar shi a kan kowa. Ai ciniki ake nema.

Ba ta tuna da tsohon mijin Yaya ba. Tun da auren ya mutu Yaya ta canza gari da lamba, saboda ya rantse a gaban dangi sai ya ɗauke 'yarsa ko tana ramin ɓera. A gidansu ko sunansa ba a kamawa.

"Auta, duba min ko mai kwalin zare ya amsa," in ji Yaya, almakashi a hannu. "Hajiya, wannan yadin ko kin ja shi ba zai haihu ba."

Telar ta yi dariya, ta ce a ƙara mata rabi.

A saman saƙonnin akwai wata lamba da ba a ajiye ba. Da safe ta rubuto "Salam" kawai, saƙon maraba ya bi ta nan take, da layin da ƙofar da mai waldar. Ɗazu, bayan giɓin rana ya shiga, ta sake rubuto "Kuna nan?" Wayar na da data, don haka ta amsa. Auta ta karanta kalmomin da suka rubuta suna dariya, kowace da alamar an karanta. A ƙasa an rubuta: "Madalla. Ashe ta isa shiga makaranta. Bari in hutar da ke."

Ta taɓa hoton lambar. Babu fuska, sai hannu a kan sitiyari, da zoben azurfa mai baƙin dutse. Ta san zoben. Ta taɓa ganin sawunsa a kumatun Yaya.

Makarantar yara ɗaya ce tak a unguwar, duk wanda ya tsaya a ƙofar mai walda zai hango katangarta. Yau kuma telar ta riƙe Yaya har lokacin fita ɗauko Gimbiya ya gota.

"Yaya."

"Ya amsa?"

"Zo ki gani."

"Ke dai da kunya, ko waya sai kin yi mata raɗa."

Yaya ta karɓi wayar tana murmushi. Auta ta ga murmushin ya tsaya a inda yake, idon ya sauka kan hoton, ya koma kan saƙon.

"Ni ban rubuta masa komai ba," Yaya ta ce a hankali.

"Wayar ce ta aika. Na bar shi a kan kowa." Auta ta fizgo wayar. "Zan goge. A'a, ya riga ya karanta. Bari in kashe su duka. Ana iya sa wa sai mutanen da muka zaɓa, ko kowa ban da shi. Adireshin ma yana shafin shagon, bari in cire. In toshe shi? In na toshe ba za mu ga abin da zai sake cewa ba. Yaya, kina da lambar malamarsu?"

"Lafiya dai?" telar ta tambaya, tana duban su.

Auta ta kashe na maraba, ta shiga na ba na nan ta kashe, ta share layin Gimbiya har harafin ƙarshe, ko da yake ta san sharewar ba ta dawo da komai. A waje mai walda ya tsayar da injinsa, sai ta ji hayaniyar yara daga nesa, an buɗe musu ƙofa.

Ta ɗago kai. Almakashi na kan leshin da aka yanka rabi. Mayafin Yaya na rataye a ƙusa, jakarta na ƙasan teburi. Awon ɗinkin ne kawai ke lilo a hannun ƙofa.